An ce 'yar tsanar ta 1966 ce, ku taya ni dubawa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na shiga gwanjo neman rigunan sanyi na yara, sai na tarar wani ya kwance dila ta kayan wasa. Na tsinci 'yan tsana biyu. Ɗaya fara ce, gashinta ruwan zuma ya sauka har idon sawu, amma duk ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ɗayar baƙa ce mai gajeren gashi a nannaɗe, ko ɗan kamfai babu a jikinta. Mai kayan ya juya min farar ya nuna min rubutu a ƙugunta ta baya, ga 1966 ɓaro-ɓaro. Ya ce tsohuwar Barbie ce, ta girme ni, Turawa suna neman irinta ido rufe. Ninki uku na kuɗin sauran ya karɓa a hannuna. Na yi riba ko an yi min wayo? Ga hoto.

Abban Khalifa:
Kai, Maman Ilham, kin tsinci dami a kala! Tunda shekarar tana jiki ai magana ta ƙare. Kamfani ba zai buga shekarar ƙarya a kayansa ba. Ki ɓoye ta kada yara su ɓalle mata kai.

Anti Balaraba:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin a fara murna, karanto min rubutun nan gaba ɗayansa, harafi da harafi, har da sunan ƙasar da ke biye. Sannan ki ɗaga gashin ta baya, ki duba ƙeyarta daidai inda kai ya haɗu da wuya. Akwai wani rubutu ƙanana a wurin. Idan bai fito ba, ki haska fitilar waya daga gefe, kada ki haska kai tsaye, inuwar haruffan ce za ta nuna miki su.

Maman Ilham:
To Anti, ga shi. A baya an rubuta © MATTEL, INC. 1966, a ƙasansa kuma CHINA. Na ƙeya sai da na sha wahala, amma dabarar fitilar ta yi aiki. © MATTEL INC. 1976 na gani. Yanzu kuma na ƙara rikicewa. Jiki 1966, kai 1976? Ko haɗe-haɗe aka yi mata?

Anti Balaraba:
Ba haɗe-haɗe ba ne, haka suke fitowa. Kuma Abban Khalifa ya yi gaskiya a rabi: kamfanin bai yi ƙarya ba. Sai dai shekarar da ke jikin ba ranar haihuwar 'yar tsanar ba ce, shekarar da aka yi rajistar siffar wannan gangar jikin ce. A 1966 Mattel, kamfanin da ke yin Barbie, ya yi rajistar jiki mai ƙugun da ke juyawa, wanda suka kira Twist 'N Turn, aka fara sayar da shi a 1967. Daga nan suka yi ta zuba roba a irin wannan mazubin sama da shekara talatin, har ƙarshen shekarun 1990, kuma duk wadda ta fito da 1966 take fitowa a bayanta. Kamar tela ne ya yanka fatin na riga a wata shekara ya rubuta shekarar a jikin takardar. Duk rigar da ya yanka da shi bayan shekara ashirin ba za a ce ta waccan shekarar ba ce.

Shi ma kan haka yake. 1976 shekarar rajistar fuskar ce, wadda ake kira Superstar, mai murmushi da farin haƙori a waje. Ta shigo kasuwa a 1977, kuma ita ce fuskar yawancin fararen Barbie har wajen ƙarshen shekarun 1990. Saboda haka dokar farko: idan kika ga shekaru biyu, ki riƙe ta baya-bayan, ki ce "ba ta girmi wannan ba". Taki ba ta girmi 1976 ba, ko da me aka rubuta a ƙugunta.

Sai kuma sunan ƙasa, wanda ya fi shekarar amfani. Daga 1959 da aka fara Barbie har farkon shekarun 1970 a Japan ake yin su. Bayan nan aiki ya koma wurare irin su Taiwan, Hong Kong, Koriya da Filifin. China da Malesiya sai wajen tsakiyar shekarun 1980 suka shigo, Indonesiya kuma a farkon shekarun 1990. Tunda taki ta ce CHINA, mun ƙara matsowa da shekara goma.

Abban Khalifa:
Ikon Allah. To Anti, ita ta gaskiyar ta wancan zamanin yaya take? Don kada gobe mu ga ta kirki mu wuce ta saboda an ce mana 1966 ba komai ba ne.

Anti Balaraba:
Tambaya mai kyau. Ta 1967 ɗin ita ma 1966 ne a jikinta, amma rubutun yana kan ɗuwawu, ba a tsakiyar ƙugu ba, layi-layi ne da yawa, kuma yana ƙarewa da Made in Japan. Fuskarta ba ta yi kama da ta Maman Ilham ba ko kaɗan: bakinta a rufe, gashin idonta na gaske ne da aka dasa ba fenti ba, kuma idanunta suna kallon gefe. Sai a 1971 Barbie ta fara kallon mutum ido cikin ido. Duk wadda ta ƙura miki ido tana washe baki, ki manta da shekarun 1960.

Malam Sadi mai gwanjo:
Ni fa bari in kare 'yan uwana. Wallahi yawancinmu ba da niyyar cuta muke faɗa ba, mu ma abin da muka gani muke karantawa. Shekara goma sha ɗaya ina kwance dilar kayan wasa, kuma a kowace dila sai na ga masu 1966 ɗin nan, wani lokaci biyar, wani lokaci fiye. Tun ina mamaki har na ce a raina, abin da ya tsufa haka ba zai yi yawa kamar gyaɗa ba. Ni dai abin da nake dubawa shi ne nauyi da ƙafa. Ta asali ƙafarta roba ce mai laushi, cike take, idan ka lanƙwasa gwiwar za ka ji ƙas, ƙas, ta tsaya inda ka bar ta. Ta jabu kuwa fanko ce, ka matsa cinyar da yatsa ta loɓa, ga layin haɗi yana kartar hannu. Ka buɗa gashin kuma ka ga a gefe-gefe kawai aka dasa, tsakiyar kan sanƙo ne.

Anti Balaraba:
Malam Sadi, gwajin ƙafarka yana aiki a kan na shekarun 1980 da 1990, kuma maganar sanƙo gaskiya ce. Amma a yi hattara, Barbie na asali da yawa na 'yan shekarun nan ƙafarsu tauri ce, ba ta lanƙwasuwa sam, kuma ba su da nauyi. Idan ka bi ƙas-ƙas kaɗai za ka zubar da ta gaske. Sannan ba duk wadda ba Mattel ba ce jabu. Akwai Sindy ta Ingila, akwai Steffi Love ta kamfanin Simba na Jamus, akwai Fulla da aka yi wa kasuwar Larabawa. Kowacce da sunanta da mutuncinta, kuma galibi za ka samu sunan kamfanin a ƙeya ko a baya.

Malam Sadi mai gwanjo:
Na karɓa, Hajiya. Simba ɗin nan ina yawan ganinsa, ashe kamfani ne.

Maman Ilham:
To na haƙura da arziƙin Turawa. Amma Anti, yanzu wace ce ita? Barbie ai ba ɗaya ba ce. Ilham tana ta tambayata sunanta.

Anti Balaraba:
Nan ne aikin yake da daɗi. Fuskar Superstar da jikin 1966 an yi ɗaruruwan 'yan tsana da su, don haka rubutu ya gama nasa aikin, saura gashi, kwalliya da 'yan kunne. Kada ki dogara da rigar da ke jikinta. Doguwar rigar nan ta hoto da alama ba tata ba ce, ta yi mata yawa a kafaɗa. 'Yar tsanar da ta yi shekaru a hannun yara da wuya ta iso da kayanta. Abin da yaro ba ya iya sauyawa cikin sauƙi shi muke bi.

Gashi har idon sawu ya rage mana su sosai. Wadda ta fara zuwa raina ita ce Totally Hair ta 1992. Amma da ta yi kasuwa sai kamfanin ya yi ta fito da masu dogon gashi a jere: Hollywood Hair, Glitter Hair, Jewel Hair Mermaid da sauransu. Ki yi min abu biyu. Ki shiga can ƙarƙashin gashin kusa da ƙeya, inda hannun yara bai cika kaiwa ba, ki zaro 'yan silai ki gani: a miƙe suke, ko suna da ƙananan lanƙwasa a jere kamar gashin da aka tsefe daga ƙananan kitso? Sannan ki duba kunnuwa.

Maman Ilham:
Anti kamar kina gani! Na ciki duk lanƙwasa ne ƙanana-ƙanana, daidai da tsifar kalaba. Tana da gashin goshi kuma, ya kwanta ne kawai. Kunnen hagu huda ce babu komai. Na dama akwai ɗan kunne na roba ruwan hoda, mai kusurwa uku, babba, gashi ne ya rufe shi ban lura ba.

Anti Balaraba:
Alhamdu lillahi, kin same ta. Gashi mai lanƙwasa har sawu, gashin goshi, ɗan kunne ruwan hoda mai kusurwa uku, fuskar 1976, jikin 1966, China: wannan Totally Hair ce, mai gashi ruwan zuma. Hollywood Hair da nake tsoron mu rikita su gashinta ba shi da wannan lanƙwasar, kuma kayanta ruwan zinare ne da taurari. Rigar taki ta asali gajeriya ce mai dogon hannu, mai zanen launuka a murɗe, ruwan hoda da shuɗi da kore. A kwalinta har da ɗan bututun man gyaran gashi na Dep. Ki koma wurin mai dilar ki tona, ƙananan kaya sukan zube a gindin buhu, wataƙila ki dace da rigar ko ɗayan ɗan kunnen.

Maganar kuɗi kuwa, ita ce Barbie da aka fi saya a tarihin kamfanin, sama da miliyan goma aka sayar. Abin da ya sa mutane ke sonta shi ne ya hana ta tsada: kowa ya taɓa riƙe ta, kuma tana ko'ina. Wadda ba kwali, ba riga, ɗan kunne ɗaya, ba za ta sayi fili ba. Amma ni a wurina 'yar tsanar da ta haura shekara talatin ba a sa mata almakashi ba abin a riƙe ce, don yawancin waɗanda nake gani an yi musu aski.

Ummi 'yar Zariya:
Maman Ilham ki tafasa ruwa ki tsoma gashin, wallahi zai miƙe sumul kamar sabo. Haka na yi wa ta ƙanwata, har sheƙi yake.

Anti Balaraba:
A'a Ummi, don Allah kada ta yi! Dabararki daidai ce ga mai miƙaƙƙen gashi. Amma lanƙwasar nan da zafi aka yi ta a masana'anta, kuma zafi ne zai warware ta. Idan ta tsoma a tafasasshen ruwa, shaidar da muka gane ta da ita ce za ta tafi. Ruwan sanyi za ki sa, ƙanwata, da ɗan sabulun wanke-wanke, sai man laushin gashi irin namu. Ki raba gashin kashi-kashi, ki fara tsefewa daga baki kina hawa sama a hankali, babban yatsanki yana danne da kan don kada ki tuge. Ki bar shi ya bushe a inuwa. Zai ci miki yamma guda, kada ki yi gaggawa.

Ummi 'yar Zariya:
Au, ban san da wannan ba. Allah ya sa ba ta riga ta ɗora tukunya ba.

Maman Ilham:
Ban ɗora ba, Ummi. Saura baƙar, Anti. Bayanta 1966 ne ita ma, amma MALAYSIA. Ƙeyarta 1987.

Ɗan Maraɗi:
Gafara dai, in sa baki. Baƙa mai nannaɗaɗɗen gashi ai ita ce baƙar Barbie ta farko, ta 1980, wadda Kitty Black Perkins ta tsara. Na taɓa ganin hotonta da jar riga. Idan ita ce, wannan ta fi farar daraja nesa ba kusa ba.

Anti Balaraba:
Tarihinka daidai ne, Ɗan Maraɗi, amma lissafin bai hau ba. Kan da aka yi wa rajista a 1987 ba zai hau kan 'yar tsanar 1980 ba. Waccan fuskar wata 'yar tsanar Mattel mai suna Steffie aka yi mata, mai ɗan tsukakken baki a rufe. Mai 1987 fuskar Christie ce, ƙawar Barbie, mai murmushi da haƙora, kuma da ita aka yi baƙaƙen 'yan tsana masu yawa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990, wasu da sunan Christie, wasu da sunan Barbie.

Abin da ya sa na tsaya a kan hoton shi ne gashin. A jerin Dolls of the World akwai Barbie ta Najeriya da ta fito a 1990, kuma gajeren gashi nannaɗaɗɗe gare ta. Zan so a ce ita ce, wa zai ƙi? Sai dai ba zan rantse ba. Ki buɗa gashin ki duba bakin silan: idan tsawonsu bai daidaita ba, wani wuri gajere wani wuri dogo, to doguwar suma ce yaro ya datse, ta cukurkuɗe ta zama haka.

Maman Ilham:
Na duba. Ta gaba daidai yake, nannaɗar ma a tsare. Ta baya kuwa akwai wurin da ya fi guntu, kamar an ɗan taɓa da almakashi. Kuma sai yanzu na lura fuskar ta fi wuyan duhu kaɗan, kan yana lilo idan na girgiza ta.

Malam Sadi mai gwanjo:
To wannan kam na san shi. A dila kawuna suna zuwa daban, jikkuna daban, mu kan haɗa wanda ya shiga. Ba na ɓoyewa, ni ma na sha yi. Wa zai sayi 'yar tsana ba kai?

Anti Balaraba:
Allah ya saka da gaskiya, Malam Sadi. Wannan ya sa MALAYSIA ɗin ba lallai ya ba mu labarin kan ba. Ko da yake bambancin launi kaɗai ba hujja ba ce, don robar kai da ta jiki ba iri ɗaya ba ce, kuma ba sa tsufa tare. Lilon ne ya fi damuna. Yana nuna an taɓa cire kan, ko maƙalin da ke cikin wuya ya karye. Kada ki ja don ki leƙa, ƙanwata, maƙalin na wannan zamanin yana da ƙugiyoyi, idan aka fizga wuyan ne ke tsagewa. A yanzu abin da zan iya cewa: kan Christie na 1987 a kan jikin Malesiya. Sunanta kuwa sai an gwada kwalliyar idonta da launin jan bakinta da hotunan waɗanda ke cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗauko min hoton fuskar da rana, a bakin taga, ba da filasha ba.

Hajiya Uwani:
Ni tambayata daban ce. Jikata aka kawo wa wata daga Legas tana sanye da atamfa da ɗankwali, an ce sunanta Azeezah. Ita ce Barbie ta Najeriyar da kuke faɗa?

Anti Balaraba:
A'a Hajiya, wannan tamu ce ta gida. Queens of Africa ake kiransu, na Taofick Okoya. Uku ne: Nneka, Wuraola da Azeezah, ita Azeezah ita ce ke wakiltar Hausawa. Ba ruwansu da Mattel. Idan kwalin yana nan ki adana shi, shi ne shaidarta mafi sauƙi.

Abban Khalifa:
Tunda an zo maganar kwali, bari in fito da nawa ciwon. Bara na sayi wata a intanet wurin wani mai sayarwa, don in ba 'yata. Hoton ya nuna kwali ruwan hoda, an rubuta tsohuwa ce ba a taɓa buɗewa ba, har ya zuƙo min 1991 a ƙasan kwalin. Da ta iso sai na ga kamar fuskar ba ta yi kama da hoton da ke bayan kwalin ba. Na yi masa magana ya daina ɗauka. Har yau ban san me na saya ba.

Anti Balaraba:
Allah ya mayar da alheri. Kwali shaida ce mai ƙarfi, amma shaidar kansa yake bayarwa, ba ta abin da ke ciki ba. Shekarar da ke ƙasan kwali ta fi ta jiki kusa da gaskiya, don kowace fitowa da nata kwalin, sai dai sau da yawa tana gaban shekarar sayarwa da ɗaya. Totally Hair ɗin Maman Ilham ma kwalinta 1991 yake cewa, alhali a 1992 ta shiga kasuwa. Akwai kuma lambar samfuri a jikin kwalin, idan ka rubuta ta tare da sunan Barbie a wurin bincike za ka ga ainihin wadda ya kamata ta kasance a ciki.

Ka ɗauko naka ka duba yadda aka ɗaure ta. Daga masana'anta ana kafe kan da kwalin baya da zare ko siririyar roba da ta ratsa cikin gashi, a ɗaure ƙugu ko ƙafa, ƙananan kaya kuma suna cikin ledarsu a manne. Idan ka ga hudojin ɗauri a kwalin baya babu komai a cikinsu, ko salatif biyu wani kan wani a bakin kwalin, an buɗe.

Abban Khalifa:
Na ɗauko. Hudoji huɗu a baya, biyu babu komai. An ɗaure ƙugunta da irin wayar da ake ɗaure cajar waya. Na zare ta na duba baya, 1999 ne a jiki, kuma tana da cibiya.

Anti Balaraba:
To ka ga dokar ɗazu ta yi maka aiki da kanta. Jiki mai cibiya rajistar 1999 ne, a 2000 ya fara fitowa. Ba yadda za a yi ya kwana a kwalin 1991 tun daga masana'anta. Kwalin na gaske ne, 'yar tsanar ma ta gaske ce, auren ne na ƙarya. Kada ka yar da kwalin, akwai masu neman fanko don su mayar da tasu ciki.

Sani Kwamanda:
Ku yi haƙuri in karkatar da ku zuwa na maza. A irin wannan dilar na samu wani ƙaton mutum-mutumi, ƙirar jarumin kartun ɗin nan He-Man sak, faffaɗan ƙirji, gajerun ƙafafu a tanƙware. Amma shuɗi ne, gashinsa ruwan lemo. An rubuta Mattel da 1981 a bayansa. Abokina ya ce jabu ne, masu kwaikwayo ne fenti ya ƙare musu. Akwai wata 'yar takarda manne a ƙirjinsa mai zanen na'ura, ina shirin ɓanɓare ta.

Ɗan Maraɗi:
Kada ka taɓa takardar nan, Sani! A nan kam na san abin da nake faɗa, da su na tashi. Wannan Faker ne, kuma na asali ne. A labarin, mutum-mutumin ƙarfe ne da Skeletor, abokin gaban He-Man, ya ƙera don ya yi kama da He-Man, shi ya sa aka zuba shi a mazubin He-Man aka sauya launi. Takardar ita ce ke nuna injin da ke cikinsa, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa. Yana zuwa da sulke irin na Skeletor amma ruwan lemo, da takobi shi ma ruwan lemo. 1981 ɗin kuma irin 1966 ɗin Anti ne, shekarar mazubi ce. He-Man kansa a 1982 ya fito, Faker ya biyo baya.

A wannan jerin Masters of the Universe sun yi ta maimaita mazubi ba kunya. Prince Adam jikin He-Man ne aka sauya wa fenti aka sa masa 'yar shara mai laushi. Moss Man jikin Beast Man ne aka lulluɓe da koren gashi-gashi kamar gansakuka. Stinkor kan Mer-Man ne aka yi wa baƙi da fari. Don haka a nan siffa kaɗai ba ta isa ba, launi da makami su ke faɗin suna.

Sani Kwamanda:
Kai, na gode! Nawa ba sulke ba takobi. Ƙafafunsa kuma sun saki, ba ya tsayuwa. Na ga ana sayar da takobin shi kaɗai, in saya?

Ɗan Maraɗi:
Ƙafafun wata roba ce a ciki ta haɗa su, tsufa ne ya sa ta saki, ana sauya ta. Takobi kuwa sai ka yi hankali. An sake fito da jerin a 2020 da sunan Origins, masu kama da na da sosai, ga kuma masu zuba makaman kwaikwayo. Shi mutumin gane shi da sauƙi: na da gwiwa da gwiwar hannu ba sa lanƙwasuwa, na Origins suna lanƙwasuwa. Amma takobi a hoto, ni kaina ba na iya rantsewa sai na riƙe shi kusa da wanda na tabbatar.

Anti Balaraba:
Wannan ya tuna min. Maman Ilham, ita ma Totally Hair an sake fito da ita a 2017 don cikarta shekara 25. Ban kawo ta a lissafi ba ɗazu, ya kamata in kawo. Ban jin taki ce, yadda robar ƙafafunta ta dushe a hoto da yadda fentin leɓen ya goge sun fi kama da wadda ta daɗe a hannu. Amma ki duba ko akwai wani rubutu ko lambobi da aka buga da tawada a bayanta ko a tafin ƙafa, ki gaya min.

Malam Sadi mai gwanjo:
Ni dai daga yau na daina yar da tarkacen gindin buhu. Takalma 'yan mitsi-mitsi, mataji, takubba, duk shara nake kai su. Hajiya Balaraba, idan na tara zan turo hoto ki taya ni rarrabewa.

Maman Ilham:
Anti, babu wani rubutun tawada, na duba har tafin ƙafa. Na koma wurin mai dilar da yamma, mun zazzage buhun tare. Rigar ba ta nan, amma na samu ɗan kunne ruwan hoda mai kusurwa uku, ya shiga hudar hagu daidai. Na gaya masa maganar 1966, ya ce shi ma haka aka gaya masa. Gashin na tsefe rabi, lanƙwasar tana fitowa. Ga hoton fuskar baƙar a bakin taga, kamar yadda kika ce.

Anti Balaraba:
Ma sha Allah, gashin ya fara dawowa. Hoton baƙar kuma ya fito sarai, amma inuwar labule ta rufe idon dama, kuma kwalliyar saman idon nake son gani. Ki sake ɗauka gobe da hantsi, ki ɗan karkata fuskar zuwa haske. Zan fito da tawa mai kan 1987 daga akwati in ajiye su gefe da gefe.